Yadda na sauya farashin kayan da ke shagona da dala ta tashi

Ina sayar da leshi da yadi 'yan China a Kantin Kwari. A Disambar 2023 na yi odar bandir 100 na wani leshi, kowanne ya zo min har shago a kan dala 20, lokacin ana sayar da dala wajen naira 1,200 a Wapa. Bandir ya tsaya min a 24,000 ke nan, ina sayarwa 27,000.

Kafin ƙarshen Fabrairun 2024 dala ta haura 1,800. Kayan suna nan a jibge, ban ƙara musu ko sisi ba, amma da na sayar da su duka a 27,000, zan tashi da miliyan 2.7, wato dala 1,500. Bandir 75 kawai wannan kuɗin zai sayo. A littafi an ci ribar 300,000, a shago kuwa bandir 25 sun tafi. Don haka na ajiye tsohon rasit, na koma lissafi da abin da zan biya in mayar da kayan yau: 36,000, kafin ma a zo maganar kwastan, don su ma canjin da suke lissafin haraji da shi ya tashi.

Sai dai kasuwa ba ta ɗaukar ƙarin 9,000 a dare ɗaya. Maƙwabcina yana da irin kayan, yana kuma neman kuɗin haya, shi zai karyar. Sai na raba kayan biyu. Wanda ke tafiya da sauri, wanda na san dole in sake odarsa, na kai shi farashin mayarwa cikin mako biyu, hawa-hawa. Wanda ya daɗe, zanensa ya fara fita yayi, ƙari kaɗan na yi masa na sallame shi. Kowace yamma kuma cinikin ranar nake mayarwa dala ko in tura wa wakilina a Guangzhou, ba ya kwana a naira.

Bashi ya fi ba ni wahala. Wata tsohuwar kwastoma daga Gusau ta ce, "Haba Alhaji, ai tsohon kaya ne, da idona na gan shi." Na ce, "Hajiya, gaskiyarki, amma in kin dawo bayan Sallah sabo zan ba ki, da me zan sayo shi?" Wanda ya riga ya ɗauki kaya, farashinsa na nan yadda muka yi, alkawari ne. Sabon bashi kuwa na rage wa'adinsa zuwa mako guda.

A Afrilu dala ta sauko ƙasa da 1,200. Waɗanda suka riƙe kaya suna jiran ta kai 2,000 sai da suka sayar a ƙasa da abin da aka taya musu a Fabrairu. Ni ma na sauke farashin ragowar leshin a makon, tun kafin sabbin kwantena masu sauƙi su iso kasuwa.