Daskin-da-riɗi da tambayar 'yata

Jiya da dare aka ɗauke wuta, yara suka matsa sai na yi musu tatsuniya. Na ce ga ta nan, ga ta nanku, na ɗauko musu Daskin-da-riɗi, saurayin nan da ya ce ba zai auri kowa ba sai wadda ta faɗi sunansa.

Ina yarinya na ɗauka gasar ta sanin suna ce. Sai jiya na lura ashe tun a rafi aka gama jarrabawar. 'Yan mata sun ci ado, tsohuwa tana wanka ta ce a zo a cuɗa mata baya, duk suka yatsina fuska suka wuce. Wadda aka raina ce kaɗai ta tsaya ta cuɗa, tsohuwa kuwa ta faɗa mata sunan. Ba ta ma san ana gwada ta ba, kuma wannan ne ya fi burge ni.

Ina cewa ƙurunƙus, babbar 'yata ta ce, "Umma, to shi wa ya gwada halinsa? Yana zaune a ɗaki kawai."

Na ce ta je ta kwanta, dare ya yi.