Yadda na kai Hajiya Umara a hunturu ba ta kwaso fulu ba

Duk wanda ya taɓa tarbar alhazai ya san tarin Makka. Mutum zai sauko daga jirgi murya a dishe, yana tari kamar ƙirjinsa zai tsage, a ce ai tsarabar ƙasa mai tsarki ce. Ga mai jini a jika, sati ɗaya ya warware. Mahaifiyata kuwa ta haura saba'in, tana da ciwon suga, don haka da aka sa mana tafiya Umara a watan Janairu, lokacin da fulu ke tashe a can, na ɗauki abin da gaske.

Likitan da ke duba ta ne ya fara raba mini tsakanin mura da fulu. Mura a hankali take shigowa, da atishawa da yoyon hanci, mutum yana harkarsa. Fulu kuwa farat ɗaya take kamu: da safe kana lafiya, kafin la'asar zazzaɓi ya rufe ka, gaɓoɓi na ciwo, ga busasshen tari, tashi zuwa banɗaki ma ya zama aiki. Ga tsoho, mai ciki, ƙaramin yaro, mai suga, asma, ciwon zuciya ko sikila, tana iya gangarawa huhu ta zama nimoniya.

Ya ce mini, "Malama, allurar rigakafin fulu sai ta yi kamar sati biyu a jiki kafin ta fara aiki. Wanda ya yi ta ana gobe tafiya, sai ya dawo za ta amfane shi."

Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Allurar sanƙarau da Saudiyya ke wajabtawa, da ta zazzaɓin shawara da ɗigon shan inna da ake nema wajen matafiya daga Najeriya, babu wadda ke kare fulu a cikinsu. Ita daban ce, kuma ba ta cikin rigakafin yau da kullum da ake yi kyauta a asibitin sha-ka-tafi. Sai da na yi ta cigiya kafin na same ta a wani asibitin kuɗi. Duk shekara ake sabunta ta domin ƙwayar cutar tana sauya kama, saboda haka na sa aka nuna mini kwalin na ga ta bana ce, daga firij aka ɗauko ta. Ni ma na yi, tunda ni ce mai kwana kusa da Hajiya. Damtsenta ya ɗan yi tsami washegari, shi ke nan. Allurar ba ta hana kamuwa ɗari bisa ɗari. A shekara mai kyau kusan rabin haɗarin take ragewa, amma ko an kamu ciwon yakan zo da sauƙi.

A Harami ba ka da iko da wanda zai yi tari a ƙeyarka. Abin da muka iya shi ne zaɓen lokaci da wuri. Mun guji ɗawafi dab da idar da sallar farilla, lokacin da jama'a ke tururuwa, na riƙa tura ta a keke a benen sama inda akwai sarari. Takunkumi muna sa shi a jirgi, a bas da cikin cunkoso, kuma da ya jiƙe da numfashi sai a jefar a ɗauko sabo, don jiƙaƙƙe ba ya tarewa yadda ya kamata. Hajiya ta yi gardama a kan sa shi cikin harami, sai da malamin ayarinmu ya yi mata bayani ta yarda. Wannan kam kowa ya tambayi malaminsa tun daga gida. Sabulu da man goge hannu na nemi marasa ƙamshi.

Amma in za a bi ta tawa, ɗakin otal ya fi Harami haɗari. Mu huɗu ne a ɗaki, taga a rufe, na'urar sanyi na juya iska ɗaya dare da rana. Wata baiwar Allah da ke gadon bakin ƙofa ta dawo daga sallar azahar tana rawar ɗari, ta lulluɓa da bargo biyu, tana cewa sanyin tayil ne ya kama ta. Da na sa mata ma'aunin zafi ya nuna 39. Wanda ya kamu yakan fara yaɗa cutar tun kwana ɗaya kafin ya ji alama, ya ci gaba har kwana biyar zuwa bakwai, ke nan mun riga mun sha iska ɗaya da ita. Duk da haka akwai abin yi. Na musanya gado da Hajiya ta koma can ƙarshen ɗaki. Na roƙi marar lafiyar ta sa takunkumi, domin a fuskar mai tari ya fi amfani. Muka ware mata kofi da cokali da tawul, muka daina cin abinci a tire ɗaya, muka riƙa buɗe taga in za mu fita. A ranar muka kai ta asibitin da ke kusa.

Gaggawar tana da dalili. Maganin fulu da ake kira oseltamibir ya fi aiki in an fara shi cikin awa 48 da soma ciwo, kuma likita ne ke rubuta shi, yawanci sau biyu a rana har kwana biyar. Antibayotik ɗin da mutanenmu ke cika jaka da shi ba ya kashe ƙwayar fulu, sai dai in likita ya ga wata cutar ta hau kai. Ga zazzaɓi da ciwon jiki farasitamol ya isa, babba kada ya wuce giram 4 a yini, a kuma duba maganin mura na haɗi, don da yawansu akwai farasitamol a ciki, sai mutum ya ninka bai sani ba. Yara kuwa ba a ba su asfirin in ana zaton fulu. Wani abu kuma da ya shafe mu: wanda ya taso daga Najeriya ko Nijar ya yi zazzaɓi, a gwada maleriya, kada a ɗora komai a kan tarin Makka.

Hajiya ta yi 'yar mura, ba zazzaɓi. Na ƙara yawan gwada sugarta, tunda ciwo kan ɗaga shi, ina kuma lura da alamun da likita ya ce in na gani kada in jira gari ya waye: numfashi sama-sama, ciwon ƙirji, ruɗewa, ƙarancin fitsari, ko zazzaɓin da ya sauka sannan ya dawo da tari mai tsanani.

Dawowa gida ma wani taron ne. Fulu na ɗaukar kwana ɗaya zuwa huɗu kafin ta bayyana, don haka wanda ya kwasa a jirgi, a tsakiyar 'yan barka da sauka zai fara rabawa. Ga runguma, ga musabaha, ga ɗan kofin zamzam guda ɗaya da ke zagaya baki talatin. Na sayo kofunan roba na yarwa, na shimfiɗa tabarmi a tsakar gida maimakon falo. Ƙanwata mai jego na ce ta dakata da jaririnta sai bayan sati, domin ba a yi wa ɗan ƙasa da wata shida allurar fulu. Hajiya ta ji haushi.

"Yanzu jikan nawa za ki hana ni ɗauka?"

"Hajiya, ki yi haƙuri, ranar Juma'a da kaina zan je in ɗauko miki shi."

Ta yi mini shiru har magariba, sannan ta aika masa da dabino, yaron da ko haƙori bai da shi.