Layin da ya kwanta ba hanya ba ce

Shekarar da na fara koyar da Fizis a wata sakandare a Zariya, na zana giraf na nisa da lokaci a allo: layi ya hau, ya kwanta, ya sake hawa. Na tambayi 'yan aji huɗu me suka gani. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, mutumin ya hau dutse kamar Kufena, ya yi tafiya a samansa, sai ya ƙara hawa." Fiye da rabin ajin suka gyaɗa kai. A ranar na gane cewa yaran hoton hanya suke gani a allon, ni kuwa ina ta sauri in kai su ga lissafi.

Washegari na fitar da su fili. Muka auna mita 30 da igiya, muka ajiye dutse a kan kowace mita 5. Wani ya riƙe agogon waya yana tafa hannu duk bayan sakan 5, wani yana tafiya, sauran suna rubuta inda ya kai. Da ya kai mita 15 na ce ya tsaya cak, aka tafa sau biyu yana nan, sannan ya ci gaba. Da muka koma aji suka ɗiga alamomin a takardar giraf, lokaci a layin kwance, nisa a na tsaye, sai ga layi ya kwanta daidai inda ɗan'uwansu ya tsaya. Filin shimfiɗaɗɗe ne, ba tudu ko ɗaya, amma layin ya hau. Yarinyar nan da kanta ta ce, "Ashe agogo ne ke tafiya, shi yana tsaye."

Abin da ya fi cin lokacina shi ne fitar da sauri daga karkatar layin. Ga misalin da nake ba su har yau. Yaro ya bar gida a keke, ya yi mita 1200 cikin minti 4. Sarƙa ta zame, ya tsaya minti 2 yana mayar da ita. Daga minti na 6 zuwa na 11 ya lallaɓa a hankali har ya kai mita 1800. Kashin farko ba ya ba su wuya: minti 4 sakan 240 ne, 1200 ÷ 240 ya ba da mita 5 a sakan. Matsalar tana kashi na uku. Yawancinsu sai su dubi ƙarshen layin, su ɗauki 1800 su raba da sakan 660, su sami wajen 2.7. Ba sakaci ba ne. Dabarar ta yi musu aiki a kashin farko saboda layin daga sifili ya taso, sai suka ɗauka ko'ina haka ne. Abin da suka samo matsakaicin saurin tafiyar ne gaba ɗaya, har da tsayuwar gyaran sarƙa.

Maganin da na samu shi ne in hana su taɓa kalkuleta sai sun zana kusurwa uku a ƙarƙashin kashin da ake tambaya. Su ɗora yatsa a farkonsa, su karanta nisa da lokaci, su ɗora a ƙarshensa, su sake karantawa. Gefen tsaye shi ne nisan da aka ƙara, 1800 − 1200 = 600. Gefen kwance shi ne lokacin da aka ci, 660 − 360 = 300. Sai 600 ÷ 300, mita 2 a sakan. Kullum ina sa su gwada amsar da ido: layi na uku bai kai na farko miƙewa sama ba, don haka dole saurinsa ya gaza 5.

Akwai kuma masu ƙirga gidajen takardar maimakon karanta lambobin da ke gefe. In gida ɗaya a tsaye mita 200 ne, ɗaya a kwance minti 1 ne, to gida uku bisa gida biyar ba amsa ba ce. Da na ga 0.6 a takardar yaro, na san abin da ya yi.

Ina kuma gaya musu iyakar dabarar tun da wuri. A miƙaƙƙen layi take ba da sauri guda; in layin ya lanƙwasa, saurin yana canzawa ne, kuma wannan darasin wata rana ne. Sannan a giraf na sauri da lokaci, layi kwance yana nufin ana tafiya da sauri ɗaya, ba tsayuwa ba. Shi ya sa kafin kowace tambaya nake cewa su karanta mini abin da aka rubuta a layin tsaye da ƙarfi, duk ajin, kamar karatun allo.