Godiya ga kowa da kowa, da Innata kan abin da ta faɗa min daren da zan bar gida

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Alhamdulillahi biki ya tashi lafiya, an ɗaura, an kawo ni Gusau daga Argungu, 'yan rakiya ma kowa ya koma gidanshi lafiya. Tun lokacin nike son in rubuto godiya amma kun san gidan amarya, wasu baƙin na fita wasu na sallama, sai yanzu na samu zama.

Na gode ma Baba, Allah ya ƙara girma da rufin asiri. Na gode ma Baffa da ya tsaya min waliyyi, da gwaggonnina da sunka riga mu tahowa sunka yi jere har dare, da ƙawayena da ba su bar ni ni kaɗai ba tun daga kamu har sa lalle har ranar buɗar kai. Matan unguwarmu da sunka kwana bakin murhu, da duk wanda ya kawo gudummawa, mai yawa da mai kaɗan, wallahi Inna ta sa an rubuta kowa a littafi, Allah ya ba mu ikon ramawa ranar naku farin cikin.

Amma godiyar da ta sa na ɗauki waya yau ta Inna ce. Waɗanda sunka san gidanmu sun san ni ce 'yar fari, kuma Inna irin matan da ne masu alkunya, tunda na tashi ban taɓa jin sunana a bakinta ba, "ke wagga" take ce min, ko gaban mutane ba ta cika sakar min fuska ba. Don haka kowa ya ɗauka faɗan aure gwaggonni ne za su yi min, kuma sun yi, Allah ya saka musu, yi na yi bari na bari, haƙuri, tsafta, girmama dangin miji. Baba ma ya yi nashi a taƙaice ya sa min albarka. Sai bayan isha'i, gida ya ɗan lafa, ta aiko ƙanwata wai in zo. Na tarar da ita zaune kan sallaya tana ninke zannuwana tana jerawa cikin akwati, ta ce in turo ƙofa, kuma har ta gama maganarta ba ta ɗago ta dube ni ba, hannunta na kan kayan. Na nemi izininta kafin in rubuta wannan, ta yarda da wani sashe, sauran kuma tsakanina da ita ne.

Da haƙuri ta fara. Ta ce, "Kowa ya ce miki ki yi haƙuri, kuma gaskiya sunka faɗa miki, amma ba wanda ya gaya miki da mi za ki yi haƙurin. Ni zan gaya miki." Ta ce akwai abin da ake haɗiyewa ko uwa ba a faɗa ma: ya shigo rai a ɓace bai amsa sannu da kyau ba, ya kushe miya, yau akwai nama gobe babu, uwarshi ta yi miki gyara gaban mutane, ƙannenshi sun shigo ɗaki sun zauna sun daɗe. Duk wannan zaman tare ne, in na kawo mata irinshi ba za ta saurare ni ba. Sannan ta ce akwai wanda ba a rufewa ko kwana ɗaya: ya ɗaga hannu ya buge ki, ko ya bar ki da yunwa alhali yana da shi, ko kina kwance ba lafiya ya hana a kai ki asibiti, ko ya sa ki saɓa ma Allah. Ta ce "in ɗaya daga cikin waɗanga ya faru kika yi shiru, ba haƙuri kika yi ba, kin taya shi cutar da ke ne, kuma ni ban aurar da ke don haka ba." Ni dai a ganina wannan rarrabewar ita ce ake tauye ma amare da yawa, a ce musu haƙuri kawai a rufe baki, sai yarinya ta rasa gane wanne ne na haɗiyewa wanne ne na faɗi, wata ta kwaso kowace ƙaramar magana ta kai gida, wata kuma ta yi ta ɓoye babba har sai ta kwanta.

Daga nan ta koya min yadda ake kai ƙara in ta kama, ta ce shi ma da tsarinshi. Misalin da ta ba ni na cefane ne. A ce abin da yake ajiyewa ba ya isa. Ta ce farko kar in yi maganar yana shigowa, kar in yi ta gaban kowa, in bari ya ci abinci ya huta. Kuma kar in ce mishi "kuɗin ba su isa", don wannan gardama take jawowa, in zo da lissafi: tiyar shinkafa kwana kaza take mana, kwalbar mai kwana kaza, ga abin da kayan miya sunka koma a kasuwa. Ta ce namiji in ya ga lissafi, in rashin sani ne zai gyara, in babu ce zai faɗa miki babu, to sai ku rufa ma juna asiri ki dafa abin da ya samu. Yadda za ki gane babu ce ta gaskiya kuwa, za ki ga shi ma ya rage nashi, ba wai ke kina tuwo da miyar kuka ba mai, shi kuwa yana tsire a waje ba. In an yi magana ɗaya, biyu, ba canji, kuma ga alama yana da hali, sai in samu babba a danginshi wanda yake jin nauyi, in faɗa cikin ladabi. In nan ma ba ta yi ba, sai Baffa, tunda shi ne waliyyina, shi zai zauna da nasu manyan. Ta ce haka Allah ya tsara a Suratun Nisa'i aya ta 35, mai sulhu ɗaya daga danginshi ɗaya daga danginki.

Abin da ya fi ba ni mamaki, ta ce kar in fara da ita. Na ce Inna don mi? Ta ce, "Ke za ki huce ku shirya da mijinki ku ci gaba da dariya, ni uwa ce, abin zai zauna min a rai, ya zo gaishe ni in kasa amsa mishi da zuciya ɗaya." Ta hana ni yaji, ta ce in dai ba tsoron lafiyata ko raina nike ba, to kar in ɗauki mayafi in fito, fita ba wuya komawar ce da nauyi. In kuwa duka ne, ƙofar gidan ubana a buɗe take ko tsakar dare. Ta kuma ja min kunne kan waya, ba sa habaici a sitatus, ba tura ma ƙawa muryar abin da ya faru a ɗaki, don abin da ya fita daga wayarki ba ki da iko da shi kuma.

Sai maganar sadaki. Ashe duk hidimar nan da anka sha, gado da katifa da kujeru da kwanuka, Inna ba ta bari an taɓa ko naira ɗaya daga sadakina ba, alhali na san yadda abubuwa sunka yi tsada kuma na san adashinta biyu ta kwashe ta zuba a kayan ɗakin. Ta ce sadaki haƙƙin mace ne ita kaɗai, haka ya zo a aya ta 4 ta wannan surar dai, ba na uba ba ne ba na miji ba. Da shawarata anka sayi tumaki a kasuwar Argungu, ƙanena zai kiwata min, in sun haihu ko layya ta matso a sayar a juya. Ta ce mace ta riƙa da ɗan abin hannunta don ranar da za ta so yi ma iyayenta ko mijin kanshi alheri ba sai ta roƙa ba. Kuma in wata rana ya shiga matsi na taimaka mishi, to tun a lokacin in faɗa da bakina kyauta ce ko rance, in rance ne a rubuta, don ta ga aure da yawa da sunka lalace kan kuɗin da ita take cewa aro ta ba shi shi yana cewa ai ba shi ta yi.

Na ƙarshe kan gara ne, kuma shi na riga na ga amfaninshi. An haɗo ni da shinkafa 'yar gida, man gyaɗa, busasshen kifi, daddawa, kuka, alkaki da nakiya. Inna ta ce ana saukewa kar in sa hannu, in je in durƙusa in ce ma Hajiya, mahaifiyar maigidana, ga shi nan ta raba yadda ta ga dama, don ita ta san dangi da maƙwabtan da in an tsallake su za a yi ƙorafi, ni baƙuwa ce. Haka na yi. Hajiya ta raba ma kowa, ta maido min da kaso mai yawa, ta zaunar da ni tana faɗa min wannan kwanon gidan wa za shi, mi ke tsakaninsu da maigidana, a zama ɗaya na san rabin dangi. Hajiya na gode, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, yadda kika karɓe ni Allah ya karɓe ki da rahama.

Da asuba anka fito da ni, saboda manya sun ce a bi hanya da rana a isa kafin la'asar, kowa ya san halin da hanyoyinmu ke ciki. Na durƙusa gabanta na ce Inna ki yafe min, ta dafa kaina ta ce ban taɓa yi mata komai ba, ta yafe duniya da lahira, Allah ya ba ni 'ya'yan da za su yi min abin da na yi mata. A nan ne ta kira sunana, gaban gwaggonni da kowa, ta ce in tashi mota na jira. Kukan da na yi har mun wuce Sakkwato ban daina ba. Inna na gode, na gode, Allah ya biya ki da Aljanna Firdausi, ya ba ni ikon riƙe abin da kika ba ni.

Godiya ga direbobin da sunka kawo mu, sun bi da mu a hankali ta Talata Mafara da Maru da Bunguɗu har ƙofar gida, da dangin maigidana da sunka tarbi 'yan rakiya da abinci da wurin kwana, da maƙwabtana sababbi da ke ta leƙo ni. Wanda ban ambata ba ya yi min afuwa, yawa ne. 'Yan uwa na Birnin Kebbi da Jega da ba su samu zuwa ba saƙonninku sun iso, Allah ya bar zumunci, masu jira kuma Allah ya kawo nagari. Ku ci gaba da sa mu a addu'a.