Abin da yaro zai ci ya sha kafin atisaye da bayansa

Sana'ata horar da 'yan makaranta wasanni. Ni da yarana uku muke aikin, muna zagaya makarantun sakandare a ƙauyukan yankin Ringim: makaranta ta ɗauke mu zango guda, mu shirya mata 'yan ƙwallo da 'yan gudu kafin gasa. Jarinmu bai taka kara ya karya ba: ƙwallaye, usur, agogo, jarkoki biyu masu lita 25, kofunan roba, da sikelin awon mutum irin na asibiti. Duk shugaban makarantar da muka zauna ciniki da shi, sikelin nan da jarkokin yake fara tambaya a kai, don yana ganin kuɗinsa ne za a kashe a abin da ba wasa ba. Sai na ce masa, "Malam, ka ba ni mako guda, ka zo fili ka gani da idonka."

Matsalar yaranmu na karkara ta fara ne daga lokaci. Yaro ya sha koko da ƙosai biyu da sassafe, wani ma ɗumamen tuwo kawai, ya taka zuwa makaranta, a tashi wajen ƙarfe biyu. Atisaye kuma sai bayan la'asar. To ɗaya daga cikin biyu ake samu: ko ya zo fili cikinsa wayam tun safe, ko kuma ya tsaya talla da aike har ƙarfe huɗu, sannan ya narki ɗanwake da mai da yaji ya rugo. Na farkon minti ashirin ƙafafunsa sun mutu, na biyun kuma zai riƙe haƙarƙari yana cewa ciki ya murɗa, wani har ya amayar. Dalili kuwa, abinci mai maiƙo da wake suna daɗewa a ciki, kuma da an fara gudu jini yana barin hanji ya koma ga tsokar ƙafa, sai abincin ya tsaya cak.

Shi ya sa doka ta farko da nake ba su ta agogo ce. Abinci mai nauyi a ci shi awa uku zuwa huɗu kafin a shiga fili, in bai samu ba, kada ya gaza awa biyu. A wajenmu wannan yana nufin da an idar da azahar a ci. Ban taɓa ce wa uwa ta sake girki don ɗanta yana ƙwallo ba. Abin da ke tukunya ya isa: tuwo da miyar kuka, dambu, shinkafa da wake, dafaffen rogo ko dankali. Roƙona kawai a rage mai da yaji, a ƙara tuwon, domin hatsi ne ke zama makamashin da tsoka take ƙonawa a guje. Wanda lokaci ya ƙure masa har saura awa guda, to ya haƙura da tuwo. Ya sha kunu kofi ɗaya, ko ya ci ayaba, ko dabino uku zuwa huɗu, ko rabin gurasa ba ƙuli ba mai. Waɗannan suna saurin barin ciki.

Maganar ruwa ita ce ta fi cin lokacina, kuma a nan sikeli yake biyan kuɗinsa. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi a Jigawa yana haura digiri 40, kuma kafin damina ta matso iskar a bushe take. Gumi yana bushewa tun bai jiƙa riga ba, sai yaro ya rantse maka bai yi zufa ba, alhali ya zubar da fiye da lita. Ƙishirwa kuma ba ta zuwa da wuri, balle ga yaron da hankalinsa yake kan ƙwallo. Don haka ba na tambayar kowa ko yana jin ƙishi. Awo nake yi.

Ga yadda muke yi. Kafin a fara, yaro ya je ya yi fitsari, ya cire takalmi da riga, ya hau sikeli, a rubuta. Ruwan da ya sha a fili a ƙirga. Bayan an tashi ya goge jiki, ya sake hawa da irin kayan da ya hau da su da farko. 'Yan mata kuwa malamarsu ce take auna su a cikin aji, da busassun kaya. Kilo ɗaya da ya ragu daidai yake da kusan lita ɗaya ta ruwa.

Akwai wani ɗan aji biyar da yake buga mana tsakiya, wanda malamai suka yi wa shaidar ragwanta, wai zagaye na biyu sai ya koma tafiya. Da muka auna shi kilo 50 ne cif. Bayan awa ɗaya da rabi ya dawo 48.8, kuma ruwan leda ɗaya ya sha a tsakani, wato rabin lita. Kilo 1.2 da ya ragu, a haɗa da rabin litar da ya sha, gumin da ya fita daga jikinsa ya kai lita 1.7. Abin lura shi ne kilo 1.2 a jikin mai kilo 50 kashi 2.4 ne cikin ɗari, kuma da raguwa ta wuce kashi 2 gudu yana ja baya, bugun zuciya ya ƙaru, hankali ya fara rarrabuwa. Ga yaro mai wannan nauyin, iyakarsa kilo ɗaya ke nan.

Na kira shi gefe na nuna masa takardar. Ya ce, "Koci, ai babana ya ce shan ruwa ana gudu yana sa saifa." Na ce masa abin da ke sa ciwon gefe shi ne kwankwaɗar da yawa a tashi ɗaya, shi ya sa za mu rarraba. Muka tsara masa leda ɗaya tare da abincin rana, da 'yan kurɓi kafin a fara. A fili kuma duk minti 15 zuwa 20 ina busa usur, kowa ya sha kamar rabin leda ko ƙasa da haka kaɗan. Hutu huɗu ya ba shi kusan lita guda. Sati na gaba raguwarsa ba ta kai kilo ɗaya ba, kuma ya gama wasa yana gudu.

Abin da ya zube ranar farko kuma sai an mayar da shi da riba, domin wani kaso na abin da aka sha zai fita ta fitsari. Lissafin shi ne lita ɗaya da kwata zuwa ɗaya da rabi ga kowane kilo da ya ragu. Nasa ya kama lita 1.5 zuwa 1.8, wato leda uku zuwa uku da rabi, a sha sannu a hankali daga tashi daga fili har bayan isha'i, tare da abinci mai gishiri. Gishirin miya yana taimaka wa jiki ya riƙe ruwan. Akwai kuma kishiyar wannan matsalar: in yaro ya hau sikeli bayan atisaye ya fi nauyin da ya zo da shi, ya sha fiye da kima, kuma hakan yana tsinka gishirin jini har ya kawo ciwon kai da amai. Irin wannan rage masa nake yi.

Ba kullum ake awo ba, sau biyu ko uku a farkon zango ya isa a san kowane yaro, sai a maimaita in yanayi ya juya. Sauran ranakun fitsari ne ma'auni. In ya fito fari-fari ko ruwan ɗorawa mai haske, lafiya. In ya yi duhu kamar shayi kuma kaɗan ne, yaro ya zo da bashin ruwa tun daga gida. Sai dai a ƙauyukan da yara suke wanka a kududdufi da fadama, dole koci ya ƙara tambaya ɗaya: akwai jini a ƙarshen fitsarin? In akwai, wannan alamar tsargiya ce, ruwa ba ya maganinta, asibiti za a kai shi. Haka kuma tun ranar rajista nake tambayar iyaye ko yaro yana da sikila, don rashin ruwa da zafi suna tayar da ciwon. Mai sikila ba ya shiga atisayenmu sai da izinin likita.

Abincin bayan atisaye ba shi da wahala. Cikin awa ɗaya ko biyu a samu hatsi da abin gina jiki tare. Fura da nono ta haɗa duka, ga ruwa kuma, in dai nonon dafaffe ne mai tsabta. Kunun gyaɗa ma haka. Awara, alala, dafaffen ƙwai, ƙuli-ƙuli a garin rogo, duk suna yi, kuma yanzu ne lokacin ɗanwaken da na hana da rana. Abin da nake ƙwacewa a bakin fili shi ne lemon kwalbar nan da samari suke kira na ƙarin kuzari. Sukari ne da sinadarin da ke cikin gahawa, yana sa zuciyar yaro bugawa ya kuma hana shi barci. Wanda na kama da ƙwaya kuwa, maganarsa ta koma wajen mahaifinsa da shugaban makaranta.

Cikin jakata kullum akwai ƙullin gishiri da sukari na kemis. In ya ƙare, ana haɗawa: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Wannan na yaron da jiri ya ɗebe shi ne ko tsokarsa ta ɗaure, amma yana cikin hayyacinsa. A kai shi inuwa, a ɗaga ƙafafunsa, ya riƙa kurɓa. Idan kuwa ya fara sambatu, ko yana tangaɗi bai san inda yake ba, jikinsa ya yi zafi rau, to ba a ɗura masa komai a baki. A cire masa riga, a juye masa jarka a jiki, a yi ta fifita, a nemi abin hawa zuwa asibiti ana ci gaba da jiƙa shi a hanya. Dalilin jarka ta biyu ke nan, kuma ba na yarda a shanye ta.

Da azumi tsarin yana sauyawa. Muna mayar da atisaye gajere kuma mara nauyi, minti 40 ko ƙasa da haka dab da magariba, yadda da an tashi za a sha ruwa. Gudu mai tsanani sai bayan ƙaramar sallah. Ina gaya wa yara su rarraba shan ruwa tsakanin buɗa-baki da sahur, kada su bar shi duka sai an kusa kiran assalatu, kuma sahur ya kasance da tuwo ko fura, ba shayi kaɗai ba. Makarantar da ta nace sai an yi cikakken atisaye da rana tsaka a watan azumi, wannan kwangilar ba na karɓa.