Hannun gem ɗin da ya ci mini rabin albashi

Jibi zan bar shago bayan shekara uku, kuma cikin duk abin da ya faru a wajen nan babu wanda ya tsaya mini a rai kamar maganar hannun gem ɗin ɗan Alhaji. Ku da muke layi ɗaya a kasuwar waya ta Farm Centre kun san labarin, amma ta bakin Oga kuka ji shi.

Yaron ya sayi hannun PS4 zai riƙa buga Call of Duty Mobile. Na haɗa masa yadda aka saba, ka danne SHARE da PS tare har fitilar ta fara ƙyaftawa, sai ka zaɓi Wireless Controller a bulutut ɗin wayar. Muka gwada lafiya lau. Washegari ya dawo wai in ya danna harbi sai an kashe shi sannan bindiga take tashi. Muka sake gwadawa a shago, ƙalau. Ni kuma da rawar kai na ce ai hannun ne jabu, na farke sabon kwali na canza masa. Ya sake dawowa na sake farke wani. A na uku na ce eriyar wayar ce, na buɗe bayanta, murfin gilas ne ya tsage a hannuna. Alhaji ya zo da kansa, Oga ya wanke ni tas a gaban kwastomomi, ya cire kuɗin murfi da na kwali biyu a albashina, alhali shi ya ce in buɗe wayar, wallahi a gabana ya faɗa.

Abin haushin, tambaya ɗaya ce ban yi ba: a gida yaya kake bugawa? Sai daga baya da na bi shi gidan na gani da idona. Wayar tana kan wayifai ɗin gida, ƙannensa suna ta kallon bidiyo a kai, ga iyafis na bulutut a kunnensa, ga hannun. To shi bulutut a kan 2.4 GHz yake tafiya, wayifai ɗin gidan ma a nan yake, kuma a yawancin wayoyi eriya ɗaya suke rabawa, sai dai su riƙa karɓa-karɓa. Sauti kuma ba ya tsayawa, kullum cikin turawa yake, sai saƙon danna maɓalli ya riƙa jiran layi. A shago kuwa da datar layinsa muke gwadawa, babu iyafis, shi ya sa ban taɓa ganin matsalar ba. Na mayar da shi kan wayifai mai 5 GHz, na ba shi iyafis mai waya, na kashe Battery Saver da ya bari a kunne tun yaushe. Wannan na ƙarshen ma ba ƙaramin abu ba ne, don yana rage wa waya ƙarfi, in gem ya sauko daga hoto 60 a daƙiƙa zuwa 30 to tazarar kowane hoto ta tashi daga kusan milisakan 17 zuwa 33, kuma yatsa yana jin bambancin. Minti goma ba a yi ba komai ya daidaita, da hannun farko ɗin nan da na kira jabu.

Tun ranar ba na canza komai sai na soka kebul tukuna. Ka haɗa hannun da wayar ta OTG, in jinkirin ya ɓace to daga bulutut ne, in yana nan ka bar hannun mutane ya huta, wayar ce ta yi zafi ko netwok ne. Shi na netwok ana gane shi, motsin kyamara yana bin yatsanka nan take amma abokan gaba suna tsalle-tsalle, lambar ping ta yi sama.

Sauran ƙanana ne. Kibod na bulutut in lambobi sun fito a fuskar waya lokacin haɗa shi, a kan kibod ɗin za ka buga su ka danna Enter, na ga manyan masu gyara suna neman inda za su rubuta a wayar. In harafin farko yana ɓacewa barci kibod ɗin ya yi don tattalin batir, ba lalacewa ba ce. Hannun da yake ta yankewa ka duba cajinsa, sannan ka yi masa Forget ka sake haɗawa. Kuma ba kowane gem ne yake karɓar hannu ba, ka tambayi kwastoma me zai buga kafin ya biya.

Na gaya wa Oga abin da na gano a gidan. Ya ce to madalla, yana danna wayarsa. Kuɗina dai har yau shiru, yaron kuma tun daga nan abokansa huɗu ya kawo, kowanne in ya shigo sunana yake tambaya.