Na yi hasashen daƙiƙa 90, kwamfuta ta ci 104

'Yan uwa masu koyo, yau lissafin da na yi a takarda kafin in kunna shiri ya kusa dacewa da abin da agogo ya nuna, kuma ina jin daɗin wannan ƙwarai, domin na daɗe ina karanta O(n) da O(n²) ba tare da sun gaya mini minti nawa zan zauna ina jira ba.

Aikin da ke hannuna shi ne rajistar wata ƙungiyar manoman albasa a nan Sakkwato, mai ɗauke da lambobin waya kusan 10,000, kuma ana so a fitar da waɗanda aka rubuta sau biyu. Shugaban ƙungiyar ya ce mini za a haɗa ta da rajistocin wasu ƙananan hukumomi, ta yadda za ta iya kaiwa 100,000, sannan ya tambaye ni: "Malam, in ta ninka goma, abin naka zai ɗauka?" Ga shirin kamar yadda yake a lokacin:

```python
gani = []
for lamba in rajista:
    if lamba in gani:
        print(lamba)
    else:
        gani.append(lamba)
```

Duk wanda ya kalle shi zai ga `for` guda ɗaya, ya ce O(n) ne, wato idan bayanai suka ninka goma lokaci ma zai ninka goma. Sai na ƙirƙiri lambobin gwaji na auna da `time.perf_counter()`. Lambobi 1,000 sun ci daƙiƙa 0.009, lambobi 10,000 kuma suka ci 0.9. Wannan ninki ɗari ne, ba goma ba, kuma a nan na tsaya cik, ina ta sake aunawa da zaton ko wata manhaja ce ke cin ƙarfin kwamfutar a bayan fage. Na rufe komai, sakamakon bai sauya ba.

Dalilin yana cikin layin `if lamba in gani`. Tun da `gani` jeri ne na `list`, Python ba ta da hanyar sanin ko lamba tana ciki sai ta bi su ɗaya bayan ɗaya tun daga farko, kuma idan lambar sabuwa ce, wanda shi ne ya fi yawa a rajistarmu, sai ta kai ƙarshe kafin ta ce babu. Lamba ta biyu za a gwada ta da guda ɗaya, ta uku da guda biyu, ta dubu goma da 9,999. Jimillar gwajin ita ce n(n-1)/2, wadda ta kama 499,500 a kan 1,000, ta kama 49,995,000 a kan 10,000. To ashe akwai zagaye na biyu, sai dai yana ɓoye cikin kalmar `in`, kuma shirin O(n²) ne. Idan n ya zama 10n, to n² zai zama 100n².

Da na fahimci haka sai na rubuta hasashe tun kafin in taɓa madanni: 0.9 sau 100, daƙiƙa 90 ke nan a kan lambobi 100,000. Na kunna, ya gama a daƙiƙa 104. Ragowar 14 ɗin ba su dame ni ba. Da rana tsaka na yi gwajin, kuma kun san zafin garin nan. Idan kwamfuta ta yi zafi takan rage gudunta da kanta, ga shi kuma jerin ya girma har ya fi ƙarfin ƙaramar ma'ajiya mai sauri da ke jikin kwakwalwar na'urar. Abin da ke da muhimmanci shi ne ninkin ya fito kusan 115, wanda yake maƙwabcin 100 ne, ba na 10 ko 1,000 ba. Hanya mafi tsafta ta karanta shi ita ce:

```python
import math
k = math.log10(T2 / T1)
```

`T1` shi ne lokacin gwajin farko, `T2` kuma lokacin bayan an ƙara bayanai, kuma idan an ninka bayanai goma daidai, `k` shi ne ƙarfin da ke kan n. Nawa ya ba da 2.06. Da ya ba da wajen 1 da O(n) ne, da ya ba da wajen 3 da O(n³) ne, inda ninki goma ke jawo ninki dubu. Miliyan ɗaya kuwa ban ma gwada ba, domin takarda ta riga ta ce 90 sau 100, daƙiƙa 9,000, wato awa biyu da rabi. Batirina ba ya kaiwa haka, kuma kwanakin baya na ƙona man janareta mai tsada ina jiran wani shiri da ban san ranar gamawarsa ba, abin da har yanzu yake ci mini rai.

Gyaran layi biyu ne kawai: `gani = set()` da `gani.add(lamba)`. Neman abu a cikin `set` a mafi yawan lokuta ba ya dogara da yawan abin da ke ciki, saboda haka shirin ya koma O(n) na gaskiya. Lambobi 10,000 sun ci 0.002, lambobi 100,000 sun ci 0.022, miliyan ɗaya ta ci 0.3. Daga daƙiƙa 104 zuwa ƙasa da ƙiftawar ido! Na kira shugaban na ce masa ya kawo rajistocin duka.

Amma ku lura da ninki na ƙarshe, 0.3 a raba da 0.022, wanda ya kusa 14. Wannan ya sa na yi shakka, domin 14 ya yi kama da O(n log n). Ninkin O(n log n) ba tsayayye ba ne: daga 1,000 zuwa 10,000 shi ne 10 sau 4/3, wato 13.3, daga 10,000 zuwa 100,000 shi ne 12.5, daga nan zuwa miliyan shi ne 12. Yana raguwa ne a hankali yana dosar goma. Nawa kuwa tashi ya yi daga 11 zuwa 14, wanda alama ce ta ma'ajiya, ba ta tsarin lissafin ba. A ganina agogo ba zai iya raba O(n) da O(n log n) da tabbaci ba, sai dai a karanta shirin a ƙirga matakansa. Abin da agogo ya iya shi ne raba 10 da 100 da 1,000, kuma a aikace wannan rabon ne ke yanke ko za a jira shiri ko ba za a jira ba.

Akwai sharaɗi ga mai son gwadawa. Kada a fara da bayanai ƙanana sosai, kamar 10 da 100, saboda a nan lokacin buɗe fayil da sauran shirye-shiryen farko sun fi aikin kansa yawa, sai ninkin ya fito ƙasa da gaskiya. Ni ina auna sashen da ake magana a kai kaɗai, ina maimaitawa, ina ɗaukar lokaci mafi ƙanƙanta, kuma ina cire `print` kafin aunawa domin rubutu a allo yana da nasa nauyin.

Yanzu an nemi in ƙara neman sunan manomi ta lambarsa. Zan jera rajistar da `sorted`, in yi bincike na raba biyu da `bisect`, wanda O(log n) ne: matakai kusan 14 a kan 10,000, kusan 17 a kan 100,000, kusan 20 a kan miliyan. Ninki goma a nan ƙarin matakai uku ko huɗu ne kawai, don haka nema ɗaya ya yi gajarta a auna shi, dole in haɗa nema dubu ɗari in auna su tare. Hasashena da na riga na rubuta shi ne ninkin zai fito wajen 1.2, ko ya ɗan haura saboda ma'ajiya, kuma da asuba zan gwada kafin ɗaki ya ɗumama.